Tulun Hajiya da Minti Biyar na Auta

A unguwarmu an san ni da magana. Ɗaurin aure, suna, walimar sauka, duk ni ake miƙa wa lasifika. Shi ya sa ranar Litinin da 'yar ƙanwata, wadda muke kira Auta, ta zo ta ce malamar kimiyya ta ba su aikin yin jawabi a gaban aji ranar Alhamis, ban bari ta ƙarasa ba na gyara zama. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta zo gidan sana'a.

Auta tana ajin farko na babbar sakandare. An ba kowa minti biyar, kuma malama ta ce jawabi ya kasu uku: gabatarwa, gundarin bayani, da kammalawa. Abin da ya faɗo kanta shi ne dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Na yi dariya na ce, to wannan ma har sai an je makaranta?

A daren nan na rubuta mata gabatarwa. Na fara da godiya ga Allah, na gai da shugabar makaranta, da mataimakanta biyu, da malamar kimiyya, da sauran malamai, da iyaye, da shugabar ɗalibai, har da mai gadi, don na san halin mutane, wanda aka tsallake shi ne zai riƙe ka. Na zuba karin magana uku. Da safe na karanta wa kaina a madubi, sai da na ji tausayin sauran 'yan ajin.

Da ta dawo daga makaranta ta karɓi wayata ta kunna agogon ƙirga lokaci, ta ce in karanta. Na karanta da murya irin ta taro. Ina kai aya ta nuna mini fuskar wayar: minti huɗu da daƙiƙa 10.

"Kawu, saura daƙiƙa 50, kuma ba a ambaci randa ba."

Na ce ai gaisuwa mutunci ce. Ta ce malama ta ce mutum yana faɗin kalma wajen 120 a minti ɗaya idan ba gudu yake yi ba, wato jawabin duka bai wuce kalma 600 ba. Minti ɗaya na gabatarwa, uku na bayani, ɗaya na kammalawa. Gaisuwa kuma jimla ɗaya tak. Aikin gabatarwa, in ji ta, shi ne ta jefa wa aji tambayar da za su so jin amsarta, sannan ta faɗa musu abubuwa ukun da za ta bi. Haka ina ji ina gani aka soke shugabar makaranta da mataimakanta. Mai gadi ma bai tsira ba.

Na ce to mu shiga gundarin, nan ne za ta san ta zo wurin manya. Ta ɗauki biro ta ce, "To Kawu, me ya sa ruwan randa yake sanyi?"

Na ce, "Saboda ƙasa sanyi gare ta."

Ta ce, "Ƙasar da ke ƙona ƙafa da azahar?"

Na ce wannan ƙasa daban, waccan daban. Hajiya, mahaifiyata, tana gefe tana tsinkar zogale, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Randa zufa take yi. Wadda ba ta zufa ba ta sanyi. Shi ya sa sabuwa ta fi tsohuwa." Na ce Hajiya, kimiyya ake yi a nan. Auta ta buɗe littafinta, ta karanta, sai ga shi maganar Hajiya ce aka rubuta da Turanci.

Ga yadda abin yake, kamar yadda yarinyar ta koya mini a kan tabarmata. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayan randar. Iska ta zo ta ɗauke wannan danshin, ya zama tururi. To ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi, kuma daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗauka. Zafin ba kaɗan ba ne: wanda giram ɗaya na ruwa yake tafiya da shi ya isa ya sauke zafin fiye da giram 500 da digiri ɗaya. Muka yi lissafi. Idan cokalin shayi biyu suka bi iska daga lita ɗaya, ragowar zai iya sauka da wajen digiri biyar, in da wani zafi ba ya shigowa daga waje. Amma yana shigowa, shi ya sa randa ba ta taɓa yin ƙanƙara, kuma shi ya sa ake ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Nan Auta ta tsara gundarin gida uku, kowanne minti ɗaya. Na farko, ta ina ruwan yake fita. Na biyu, me yake ɗauka idan ya fita. Na uku, yaushe abin yake aiki, yaushe yake ƙi. Da bazara da hunturu iska a bushe take, tana shan danshi da sauri, ruwan randa ya yi sanyi har haƙori. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, randa ta yi ta naso amma sanyin kaɗan ne. Na lura kowane gida yana buɗe ƙofar na gaba, ba kamar jawabina na biki ba, da nake fara wa da ango in ƙare da tsadar taki.

Na tuna labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya yaɗa dabarar saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a shekarar 2000. Na ce da wannan za ta rufe jawabi, aji ya ɗauki tafi. Ta ce labarin ya yi, amma ba a kawo baƙo a kammalawa. Kammalawa amsa ce ga tambayar da aka yi a farko, ba a buɗe sabon zance a cikinta. Ta tura shi gida na uku, ta ba shi jimla biyu. Ni dai na samu an karɓi abu ɗaya daga hannuna.

Da na tsaya nan da mutuncina ya tsira. Amma na ce jawabi ba ya armashi sai da abin nunawa. Za ta je da tulu da bokitin roba, ta auna zafin ruwan kowanne a gaban aji. Na aiki yaro ya ɗauko ma'aunin zafin jiki na uwargida, irin mai lamba ɗin nan da ake sa wa yara a hammata. A bokiti ya nuna 33. Na tsoma a randar Hajiya, ya yi ƙara, ya rubuta `Lo`. Na girgiza shi, na sake. `Lo`. Na ce ya lalace. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, an yi shi don mutum ne. Ƙasa da 32 ba ya karantawa, don mutumin da ya kai nan ba awo yake buƙata ba." Auta ta ce za ta aro na ɗakin gwaje-gwajen makaranta, dogon nan na gilashi da ke farawa daga ƙasa da sifili ya wuce 100.

Sai kuma idona ya faɗa kan tulun da za a je da shi. Tulun Hajiya ne, jikinsa duk tabon gishiri-gishiri, gindinsa ya yi kore. Na ce a raina, 'yar gidanmu ba za ta tsaya gaban jama'a da wannan ba. Bayan kowa ya kwanta na zubar da ruwan, na goge shi, na ɗauko ragowar fentin mai da aka shafa wa ƙyaure, shuɗi, na shafe shi tsaf, na ajiye a soro. Washegari da hantsi na sake shafawa, don in ya yi kyau ya yi kyau.

Laraba da la'asar Auta ta dawo da ma'aunin makaranta. Tun azahar na cika tulu da bokiti daga famfo ɗaya, na jera su a inuwar darbejiya. Ta ga tulun ta yi shiru. Ta shafa jikinsa, a bushe ƙamas. Ta auna bokiti, 33. Ta auna tulu, 33.

"Kawu, ka toshe masa ƙofofin."

Hajiya ta fito alwala ta tarar da mu tsugune. Ta dubi tulun, ta dube ni, ta ce, "Shekara nawa ina shan ruwa a nan, sai yau aka yi masa kwalliyar amare." Na fara bayanin cewa fenti yana kare yumɓu. Ba wanda ya tanka. Na hau babur na nufi wurin masu tukwane, na sayo sabon tulu ba tare da na taya ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Aka cika shi ya kwana.

Da daddare na ce a ɓoye shuɗin a bayan ɗaki kafin maƙwabta su gani. Auta ta ce a'a, shi ne ma ya fi bokitin amfani. Bokiti da tulu sun bambanta ta hanyoyi da yawa, roba da ƙasa, faɗin baki, kauri, kowa zai iya cewa wani abu ne daban ya jawo sanyin. Amma tulu biyu iri ɗaya, ɗaya da fenti ɗaya babu, bambancinsu guda ne, ƙofofin. Ta soke bokiti. Ta yaga kwalin da na cika da ƙananan rubutu, ta yanka kati biyar, kowanne kalma uku ko huɗu, don malama ta hana karatu daga takarda. Ta maimaita sau uku, da Hausa tukuna don ta tabbata ta gane, sannan da Turanci. Na ƙarshe ya tsaya a minti huɗu da daƙiƙa 50. Aikina shi ne riƙe waya.

Ranar Alhamis na kai ta a Keke, tulu biyu a cinyata, ruwa yana fallatsa mini a riga. Da ta dawo na tare ta tun daga ƙofa. Ta ce ta fara da cewa kowa ya lashi bayan hannunsa ya hura, ta tambaye su me ya sa suka ji sanyi. Ta bi gidajenta uku. Ta auna: mai fenti 31, sabon 25. A kammalawa ta koma kan hannun da suka hura, ta ce abin da suka ji shi ne abin da randa take yi yini guda.

Na ce, to ba a tambayi wanda ya taimaka miki ba?

Ta ce malama ta tambayi wanda ya yi tunanin shafa fenti, ta ce dabara ce mai kyau. Na gyara hula.

"Sai na faɗa musu gaskiya, Kawu. Sai da malama ta zauna don dariya."

Sabon tulun yana ɗakin Hajiya. Shuɗin kuwa ta sa an ajiye mini a ƙofar ɗakina, ta ce daga nan zan riƙa sha har damina ta faɗi.