BAKANIKE BAHAUSHE NE, KU DAINA GYARA MASA SUNA

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a tsakaninmu 'yan boko, ta yi wa mutane dariya idan suka ce fulogi ko sitiyari ko burodi, wai sun ɓata Turanci. Ni dai a ganina ba Turanci suke yi ba balle su ɓata shi. Hausa suke yi, kuma mai ƙa'ida, wadda sau da yawa ta fi tamu tsabta.

Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a manne. Ku laluba kalmominmu na gado, ba za ku samu ba. To Bature ya zo da kalmomi irin su bred da draiba da fulawarsa da yake fara ta da baƙi kan baƙi. Bahaushe sai ya cusa wasali a tsakani, kuma ba da ka yake cusawa ba. Inda baƙin na leɓe ne, galibi "u" ke shiga: burodi, burushi, fulawa, fulogi. A wasu wuraren kuma "i": direba, tirela, sitiyari. Haka ƙarshen kalma, mun fi son ta sauka a kan wasali, shi ya ba mu bokiti da benci da fenti da kati. Babu wani kwamiti da ya zauna ya tsara wannan. Bakin tsohuwar da ke Dakingari da na direban da ke Gusau ne suka bi hanya ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Mu nan yamma ma mun ƙara namu. Harafin "p" da Bature ke buɗe leɓe da shi a farkon fasinja babu shi a Hausa, sai Bakano ya mai da shi "f". Da kalmar ta iso ƙasar Kabi da Sakkwato da Zamfara, inda muke cewa hwaɗi da hwata, sai ta zama hwasinja, fulawa ta zama hulawa, ofis ya zama ohis. Wato kalmar ba Hausa kawai ta koya ba, har karin harshen garin da ta sauka ta ɗauka.

Kwanaki ina zaune a wani gareji a Birnin Kebbi ana duba mini babur. Wani saurayi da ya dawo hutu daga jami'a ya zo gaishe da kawunsa, mai garejin. Kawun ya ce wa yaronsa ya miƙo masa hulogi. Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai ba hulogi ake cewa ba." Dattijon bai ko ɗago kai ba, ya miƙa masa sifana ya ce, "To ɗana, kai da ka san sunanai na gaskiya, zo kwance shi mu gani." Aka yi dariya aka wuce, amma ni sunan sana'ar dattijon ne ya tsaya mini a rai.

Ku dubi tafiyar da wannan kalma ta yi. Bature ya ce mekanik. Da ta shiga kunnen Bahaushe, sai ya ji farkonta ya yi kama da na manomi da maƙeri da maɗinki, wato "ma" ɗin da muke sa wa mai sana'a. Sai ya ce makaniki, jam'i makanikai, kamar a gidan aka haife ta. Wasu kuma ba su tsaya nan ba. Tun da an ɗauka "ma" ɗin ɗafi ne, ai ana iya cire shi a sa wani. Sai aka ɗauko "ba" na baduku da bafada da Bahaushe, aka sa, aka samu bakanike. To wanda ya san baduku ɗaya dukawa da yawa, bafada ɗaya fadawa da yawa, me zai ce da bakanike idan sun taru? Kanikawa. Sana'arsu kuma, kamar dukanci da fadanci, kanikanci. Yanzu don Allah a kai wa Baturen Ingila kalmar kanikanci, a ce ya nuna kayansa a ciki. Gaɓar farko ta kalmarsa an yanke ta an jefar, abin da ya rage an gina masa gida da harsashin Hausa.

Wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi, ba wai ko kalma ta yi kama da ta asali ba. Ina duba ko ta yarda ta bi dokar gida. Mota ta zama mace saboda ta ƙare da "a", muka ce motar Alhaji. Jam'inta motoci, "t" ya koma "c" a gaban "i", daidai yadda sata ke komawa ya saci. Ofis ya ba da ofisoshi da ofishin hakimi, "s" ya koma "sh" kamar yadda Hausa ke ba da Bahaushe. Canji har aikatau ya haifa, muna canzawa muna canza wa wani. Kalmar da ta kai nan ta gama zama baƙuwa. Wannan daban yake da abin da muke yi a waya, mu jero jimla rabinta Turanci ɗanye wanda bai ɗauki jinsi ba bai ɗauki jam'i ba. Wannan kam in an kira shi kasala ba zan yi musu ba, kuma mu masu dariyar mu ne gwanayensa.

Ma'ana kuwa ta fi sauti yin nisa. Bariki a wurin Bature ɗakunan kwanan soja ne kawai. Bayan sun ci Sakkwato a 1903 suka kafa mazauninsu a bayan gari, sai sunan ya rufe duk unguwar da Turawa da ma'aikatansu suke, inda idon iyaye da na malamai ba ya kaiwa. Daga nan ya tashi daga wuri ya koma hali. Yau idan aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, ko an yi maka barikanci, babu wanda soja ke zo masa a rai. Ɗan boko da zai ce a mai da kalmar ma'anarta ta asali, sai ya faɗa mana da me za mu kira barikanci.

Kuɗi ma haka. Kwabo daga sunan jan ƙarfen da aka yi shi da shi ya samo suna, a da sisi kwabo shida ne, sule goma sha biyu. A 1973 aka kawo naira, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, sunayen suka bi sabon kuɗi suka ci gaba da aiki. Tsabar sisi ta ɓace tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan rubutu, amma jeka kasuwar Jega ranar Juma'a ka taya buhun albasa da arha, za ka ji mai shi ya ce ko sisi ba zai rage ba.