Ba reso ba ne, jama'a, wayar Alhaji ce ta cika

Tun ranar Alhamis, ranar kasuwa, nake jin fassara iri-iri kan abin da ya sa manhajar ciniki ta wayar Alhaji ta tsaya cik a shagonsa na Kasuwar Dole ta Damagaram, har na gaji. Kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce reso ne, wancan ya ce an yi wa shagon baki, wani kuma da ko lissafin jika biyar sai ya ƙirga da yatsu ya ce ai dama shi ya faɗa, a koma littafi da biro. Madalla da masana! To ku saurara, ba reso ba ne. Wayar ce ta cika maƙil, kuma wanda ya gano haka shi ne ɗan ƙanwar Alhajin, yaron nan ɗan lise da kuka raina, wanda ba ku san shi da komai ba sai ɗaukar katan ɗin sabulu.

Kun dai ga yadda aka yi. Hantsi ya dubi ludayi, mutanen Mirriya da na ƙauyuka sun cika ƙofar shago, Alhaji ya shigar da buhun sukari a manhajar ciniki, ya danna a ajiye, abu ya tsaya cik. Sai ga saƙon nan mai cewa manhajar "ne répond pas", da zaɓi biyu, "Attendre" ko "Fermer l'application". Wayar Android kan fito da shi idan ka taɓa allo manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa ba. Saƙon bai ce reso ba, bai ce komai ba game da dalili. Ku ne kuka ƙara masa da reso.

Da yaron ya karɓi wayar, bai kashe ta ya kunna ba kamar yadda aka riga aka yi ta yi. Tambaya ya fara yi: "Kawu, ran da ba ka da forfe, tana karɓar ciniki?" Alhaji ya ce tana karɓa, sai dai ta jira ta aika daga baya. Sai ya kunna "Mode Avion", ya yanke reson gaba ɗaya, ya buɗe manhajar. Jerin kaya ya fito lafiya, sunayen masu bashi suka fito lafiya. Ya gwada shigar da sabulu ɗaya, ta sake tsayawa. A nan maganar reso ta mutu. Manhajar da ta saba aiki babu reso, aka cire mata reson kuma ta ci gaba da cutarta, ai ba a can ciwon yake ba. Kuma ku lura da abin da yaron ya lura da shi: tana iya karantawa, rubutawa ce ta gagare ta.

Daga nan ya shiga "Paramètres", ya danna "Stockage". Waya mai jiga 32, abin da ya rage bai kai mega 20 ba.

Ga masu cewa to me ya haɗa cikar waya da ciniki, ga shi. Duk cinikin da Alhaji ya shigar, manhajar tana rubuta shi cikin wani fayil a cikin wayar. Kafin ta taɓa ainihin lissafin, sai ta fara rubuta abin a wani ɗan fayil na gefe, don ko batir ya mutu ana tsakiyar aiki lissafi kada ya lalace. Wannan yana son wuri, hoton rasit ɗin da take ajiyewa shi ma yana son wuri. Littafi ne da shafinsa ya ƙare, kana iya duba bashin bara amma babu inda za ka sa cinikin yau. Manhajar da aka gina da kyau sai ta ce maka wuri ya ƙare. Wannan ba ta faɗa ba, ta tsaya tana ta ƙoƙarin rubutawa, ta bar Alhaji yana zufa. Wannan laifin na masu ita ne, ban wanke su ba.

"To me ya sa sai ranar kasuwa, in ba reso ba?" Na ji wannan har ya ishe ni. Saboda daren Laraba da safiyar Alhamis ne dilolin Kano da Maradi suke zubo bidiyon kaya a gurup-gurup na WhatsApp, Alhaji kuma ya bar wayarsa tana sauke duk abin da aka turo da kanta. Ku yi lissafin da kanku. Bidiyo ɗaya mega 15, guda 40 sun zama mega 600. Wayar da ta kwana da ragowar rabin jiga, kafin a buɗe shago ta shaƙe. Wata da watanni tana cika a hankali, gargaɗin ma yana fitowa a saman allo, Alhaji yana share shi da yatsa don ba ya karanta Faransanci. Alhamis ce kawai ta ƙarasa ta.

Gyaran ma bai kai a ce gyara ba. Yaron ya shiga WhatsApp, "Stockage et données", sannan "Gérer le stockage", inda ake ware maka fayilolin da suka wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Ya nuna wa kawunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge bidiyon atamfa na bara da na buki, aka samu wajen jiga 3. Ya kashe sauke bidiyo kai tsaye. Ya shigar da sabulun nan, ta karɓa nan take. Ya kuma gaya wa Alhaji wani abu da da yawanku ba ku sani ba: a wasu wayoyin, in ka goge hoto daga galeri, "Corbeille" yake tafiya ya zauna kwana 30, wurin bai dawo ba sai ka zubar da ita.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarar da wani maƙwabcin shago ya bayar, yana ta ɗaga murya wai a shiga manhajar a danna "Effacer les données", ko a kai wayar a yi mata filashin. Alhaji har ya miƙa hannu. Yaron ya riƙe wayar ya ce, "Kawu, don Allah ka yi haƙuri, kar a taɓa wannan." Wallahi na ji wani abu a raina. "Vider le cache" tarkace kawai yake kwashewa. "Effacer les données" na kusa da shi kuwa yana share duk abin da manhajar ta ajiye a wayar, har bashin da Alhaji yake bin masu ƙananan butik na Zango da Garin Malam, in dai bai riga ya tafi wani wuri ba. Kuma abin takaici, da an danna da manhajar ta tashi, don an samar mata wuri, maƙwabcin ya yi ta bugun ƙirji yana cewa shi ya gyara. Sai ranar karɓar bashi a gane.

Masu cewa littafi ba ya tsayawa, gaskiyarku, ruwan damina ne kawai yake cinye shi. Masu cewa ya sayi katin memori, ku sani yawancin manhajoji a cikin wayar suke ajiye lissafinsu, katin sai dai ya ɗauke hotuna. Ni dai abin da nake so ku daina shi ne kiran reso kafin ku duba "Stockage".

Af, ku kuma masu turo mana bidiyon furanni na barka da Juma'a, iri ɗaya a gurup shida, da sautin wa'azi na awa guda wanda ku kanku ba ku saurara ba, yaron ya ce naku ya kai kusan rabin abin da aka goge. Akwai wani a gurup ɗin ƴan unguwarmu, ya san kansa, gobe ma Juma'a ce.