Kafin Ka Bi Kiran Da Ya Shigo Ya Katse

'Yan uwana matasa, mu a Kaduna mun taso da al'adar filashin. Ƙaninka a Rigasa ba shi da kati, sai ya yi maka filashin, kai kuma ka bi kiran. Kwastoma ya ga lambarka a jikin shago a Kasuwar Barci, ya kira sau ɗaya ya katse, ka bi don kada ciniki ya wuce ka. Hali ne mai kyau. Sai dai wannan halin namu ne wasu 'yan damfara suka mayar hanyar cin abinci, kuma raina na ɓaci in ga kuɗin mai neman na kansa ya tafi a banza.

Ga yadda suke yi. Sukan yi hayar lambar wata ƙasa, irin wadda kiranta ke da tsada ƙwarai, tare da yarjejeniyar cewa duk mintin da aka kira ta suna da kasonsu. Daga nan sai su sa na'ura ta riƙa kiran dubban lambobi a jere, kowace ta yi ƙara ɗaya a katse tun kafin a ɗaga. Su ba su kashe komai ba, tunda ba a amsa ba. Kai da ka bi kiran, kai za a caza.

Mu ɗauki misali. A ce tela ne a Tudun Wada, ya tashi sallar asuba ya tarar an kira shi da ƙarfe biyu na dare. Yana da Naira 2,000 a layinsa. Yana da yaya a ƙasar waje, gabansa ya faɗi, ko lafiya? Ya danna kira. Sai ya ji ana ta ringin, ko wata murya tana cewa halo, halo, kamar layin ba kyau, ko a ce ya jira za a haɗa shi da wani. Babu mutum a can, murya ce da aka naɗa, aikinta kawai ta riƙe shi. Wani lokaci ma shi kansa ringin ɗin naɗaɗɗe ne, an riga an ɗaga, kuɗi na tafiya shi yana zaton bai shiga ba. In a ce minti ɗaya Naira 500 ne, minti huɗu ya cinye katin da zai kai shi mako yana kiran kwastomomi. Abin da ya fi ciwo, wani sai ya ranci kati ya sake kira, don hankalinsa bai kwanta ba.

Don Allah ka tsaya ka karanta lambar kafin yatsanka ya taɓa ta. Lambar Najeriya da +234 take farawa, sannan lamba goma su biyo baya. Da +232 ta Saliyo, da +235 ta Chadi, da +237 ta Kamaru, lamba ɗaya ce tak ta raba su da tamu, idon mai barci ba zai lura ba. Ba wai duk kira daga can damfara ba ne, muna da 'yan uwa da abokan kasuwanci a maƙwabta. Amma in ba ka da kowa a ƙasar, ƙarar ɗaya ce, cikin dare ne, ko kiran ya zo sau biyu sau uku daga lambobin da ƙarshensu kawai ya bambanta, to na'ura ce. Ɗan uwanka da ke Saudiyya ko Nijar, in da gaske yana nemanka, zai sake kira ko ya bar maka saƙo a WhatsApp.

Ka toshe lambar ka bar ta. Shigowar kiran kaɗai ba ta cin ko kwabo, kuma ba ta kwashe kuɗin banki, duk da jita-jitar da ake turawa a guruf. In har ka riga ka bi, ka katse nan take, kada ka tsaya jin ƙarshen muryar. Danna *310# ka ga abin da ya rage, ka kira 300 ka shaida wa kamfanin layinka lambar da lokacin kiran. In ba su saurare ka ba, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar ƙorafi a 622 kyauta. Maido da kuɗin yana da wuya, tunda kai ka kira da hannunka, amma rahoton na taimakawa a rufe lambar.

In kuwa lambar gida ce ka bi, wani ya ɗaga ya ce daga banki yake, yana neman BVN ko lambar sirrin da aka turo maka yanzu, katse ka je reshen bankinka da ƙafarka. Yau da daddare ka karɓi wayar Mama da ta Baba ka duba musu kiran da suka rasa, ka nuna musu inda +234 take, don su sun fi mu saurin bin kira in sun ga baƙuwar lamba.