Gaisuwar Sallah a rediyo: suna ya kamata ya fara shiga kunne

Shekarata 9 ke nan a Liyon ta Faransa. A nan gaisuwar Sallah a rubuce take shigowa waya, da hoton rago da jinjirin wata, in wani abu ya wuce ka sai ka koma ka sake karantawa. Wannan sabon ne ya ɓata min gaisuwa da Babbar Sallar bariya, da na tura wa ƙanena saƙo ya kai wani gidan rediyon al'umma a Maraɗi.

Na cika takardar da addu'a, kalma kusan 200, sannan na sa sunan Inna can ƙasa, yadda yake a katin shaida. An karanta, amma ba ta ji ba. Mai karantawa dole ya yi gudu don ya gama cikin minti ɗaya, sunan kuwa ko a gidanmu babu mai kiran ta da shi.

Laifin nawa ne. Ranar layya wa ke zaune gaban rediyo? Tana rataye a ƙusa, maza na fiɗa, mata na wajen wuta, yara na shigowa yawon barka da Sallah. Abin da ya wuce kunne ya wuce ke nan. Shi ya sa nake ganin suna da unguwa su ne kan gaisuwa, addu'a ta biyo baya. Ko mai ita ba ta ji ba, maƙwabciya za ta ji, ta tura yaro da gudu.

Bara na canja. Na karanta a fili, agogo a gabana, na ga abin da minti ɗaya ke ɗauka a natse bai wuce kalma 120 ba. Duk jimlar da ta fi ƙarfin numfashi ɗaya na raba ta biyu. Ga yadda ta fara:

"Jama'ar Bagalam, a saurara. Gaisuwa ce zuwa ga Inna mai koko, ta kusa da masallaci. Inna, ɗanki ne daga Faransa. Barka da Sallah. In na saɓa miki, ki yafe min. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana."

Bayan haka iyayena maza, babba kafin ƙarami, don tsallake mutum ɗaya a rediyo kan zama magana har wata Sallar. Sai kawuna na Tibiri. A ƙarshe na sake kiran Inna da unguwarta, saboda wanda ya tarar da maganar a tsakiya.

Wani abokina a nan ya ce maimaita suna asarar lokacin da na biya ne. Ban yarda ba. A takarda ne ya zama asara, inda ido ke iya komawa baya.

Ƙanena ya ce farkon gaisuwar ya wuce Inna, tana can wajen suya. Kiran ƙarshe ta ji, ta ajiye matsami, ta ce a ƙara murya.