Lokacin da duba waya ya daina zama kishi

Na daɗe ina jin ana cewa wanda ba ya kishinka ba ya sonka, kuma ban musa ba, domin na san yadda gaba yake faɗuwa idan wayar wanda kake so ta yi haske da tsakar dare ya yi saurin kife ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da wannan magana a riƙa kiran kowane irin bin diddigi soyayya. A ganina, idan ana son a raba rashin kwanciyar hankali da son mallake mutum, ba zafin kishin ake aunawa ba, ana duba abin da yake biyo baya ne bayan an ba mai kishin amsa.

Wanda rashin kwanciyar hankali ke damunsa yakan yi tambaya, a yi masa bayani, zuciyarsa ta sauka, sau da yawa ma ya ji kunyar zargin da ya yi. Shi kuwa mai son iko, kowace amsa sabuwar doka take haifarwa. Na ga haka kusa da kusa a kan wata ƙawata. Da farko mijinta ya nemi lambar buɗe wayarta, ta ba shi tana dariya, don ba ta ɓoye komai. Ya duba bai sami komai ba, amma maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ce wataƙila gogewa take yi. Daga nan ya haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutarsa ta Linked devices, yana karanta saƙonninta a lokacin da suke shigowa. Bayan wasu makonni ya ce ta riƙa kunna masa Live location, mai nuna masa inda take a taswira, na awa 8 duk ranar aiki, kuma idan ya ga alamar ta karanta saƙonsa ba ta amsa cikin mintuna kaɗan ba, sai ya kira ta bidiyo ya ce ta juya kyamara ya ga wa ke kusa da ita. Wayarsa kuwa, ko taɓawa ba a yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wata rana ce muna zaune, saƙo ya shigo mata daga abokin aikinta yana tambayar lokacin taro. Ta amsa da kalma biyu, ta goge hirar nan take. Na ce, "Me ke ciki da za ki goge?" Ta ce, "Babu komai, bana son dogon bayani ne da daddare." Mace ce da ba ta yi laifi ba, amma ta koyi ɓoye sawu kamar mai laifi, kuma gogewar da take yi don gudun fitina ita ce za ta zama hujjarsa ranar da ya gano. A lokacin ta riga ta fita daga zauren hirar 'yan ajinsu, ta daina ɗaga kiran ɗan'uwanta idan yana gida, ta daina tsayawa ko'ina a hanyar dawowa saboda taswira za ta nuna ta tsaya.

Irin wannan ƙuntatar rayuwa ce ma'aunin da dokar Ingila da Wales ta ɗauka a shekarar 2015, lokacin da sashe na 76 na Serious Crime Act ya mayar da irin wannan danniya tsakanin ma'aurata ko masoya laifi, wanda hukuncinsa zai iya kai wa ɗaurin shekara 5. Dokar ba ta jira sai an yi duka ba. Tana duba ko halin yana maimaituwa, da kuma ko ya jefa mutum cikin damuwa mai tsanani har ya sauya harkokinsa na yau da kullum. Ma'aunin ya burge ni domin ya ɗauke ido daga abin da mai kishin yake ji, ya mayar da shi kan yadda rayuwar ɗayan ta ƙuntata. Kuma mata ma suna yi wa maza hakan, iri ɗaya ne.

Na san za a ce wani lokaci akwai dalili, an taɓa cin amanar mutum. Gaskiya ne, kuma wasu sukan amince a bar waya a buɗe na wani lokaci don a dawo da yarda. Amma irin wannan yarjejeniya ana yin ta da bakin mutum biyu, tana da iyaka, kuma binciken yana raguwa yayin da kwanaki ke tafiya. Sannan ana iya cewa a'a ba tare da an biya da gaba ta kwana uku ko barazanar rabuwa ba.

Ƙawata ta gwada faɗin a'a sau ɗaya, ta cire kwamfutarsa daga WhatsApp ɗinta. Bai tambaye ta dalili ba. Ya karɓe wayar ya kulle a mota, ya ce za ta samu idan ta dawo hayyacinta, kuma da wayar maƙwabciyarta ta kira ni a daren.