Rigunan Sanyi a Watan Maris

A Disamba na saro rigunan sanyi na yara guda 60, kowace ɗaya naira 4,000, na jera su a shagona da ke Kasuwar Gumi. Ashirin suka tafi a 6,000, har na fara taya babur a zuciyata. Sai hunturu ya naɗe tabarmarsa ba sallama. Maris ya same ni da guda 40 sun yi kwantai, ana zafin da ko kallon ulu sai ka yi zufa.

Na fara da rangwame. Na ce 5,000, ko ƙuda bai sauka ba. Da na karya zuwa 3,000 aka ɗauki 15, faɗuwar dubu ɗaya a kowace riga, amma dai 45,000 ta dawo aljihu na juya ta a kayan Sallah. Wata Hajiya da ta saya a 6,000 ta wuce ta ji yarona yana shelar sabon farashi. Ta tsaya ta ce, "Alhaji, Allah na kallonka." Tun daga ranar duk abin da na faɗa, rabi take tayawa.

Daga nan na yi dabarar da na ɗauka ta manyan 'yan kasuwa ce: haɗi. Ina da wandunan jins da nake sarowa 5,000 in sayar 7,000, suna tafiya da ƙafarsu. Na ce wando da riga 9,000. Cikin sati biyu guda 15 suka ƙare, ina ta washe baki, har na saya wa maƙwabta tsire.

Yarona Sani ne ya ɗauko biro da dare. "Maigida, wando biyar, riga huɗu, nawa ke nan?" Na ce tara. "To nawa muke sayarwa?" Na yi shiru. Ashe ribar wandon ce rigar ta lashe. Wandon ko shi kaɗai zai kawo 7,000, wato rigar 2,000 kacal na sayar da ita, faɗuwar ta ninka ta rangwamen da nake wa kallon asara. Ban da kuɗin tsire.

Goman da suka rage na ce sadaka, na kai wata tsangaya a Tudun Wada. Wannan kam 40,000 ce ta tafi ɗungurungum, sai lada da fili a shago. Malam ya yi addu'a mai tsawo yana fifita da mafici.

Lissafin duka: na zuba 240,000, na kwashi 195,000.

Da Disamba ta zagayo, Hajiyar nan ta leƙo tana rawar ɗari. "Alhaji, rigunan nan naka fa? Ko'ina 8,000 suke cewa." Sani ya buɗe baki zai yi magana, na aike shi sayen ruwa.