Ƙannena, ofis ba zauren hira ba ne

Jiya a wani shagon buga takardu da ke Kabuga, wani matashi ya nuna min saƙon imel da ya tura wa makarantar da ya gama, yana ta faɗa wai sun ƙi kula shi. Ga abin da ya rubuta kaf: "Slm, ina son satifiket ɗina da gaggawa." Babu suna, babu lamba, gurbin Subject fayau, adireshin nasa kuma laƙabin da 'yan majalisa ke kiransa da shi ne. Haba ƙanena! Satifiket ɗin wa?

Ma'aikacin da zai buɗe saƙon bai san fuskarka ba, fayil yake nema, fayil kuwa da lamba ake gano shi. A Kano masu suna Abubakar Sani nawa ne suka gama difloma? Ka ce "ɗina" ka yi shiru, sannan ka zo kana zagin mutane. Wani ma da "kana ina" yake farawa, wani ya tura hoton rasit a karkace, rabinsa babban yatsa ne, wani ya sake turo "har yanzu shiru" ba tare da ya ce wane ne ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin ba wuya. A Subject ka sa buƙatar da lambarka: neman takardar shaidar kammala difloma, Sashen Akanta, 2021, lambar rajista kaza. Ka fuskanci muƙami, wato Magatakarda, ka yi gaisuwa layi ɗaya. Sai cikakken sunanka yadda yake a takardun makaranta, domin in can Mohammed ne kai ka rubuta Muhammad, ko ka juya sunan mahaifi gaba, nan aiki zai tsaya, wataƙila har a nemi takardar rantsuwa daga kotu. In ka biya ta Remita, kawo lambar RRR, mai lambobi 12, da ranar biya, ka liƙa rasit da takardar sakamako a PDF, ka kuma faɗa cikin saƙon cewa ka liƙa su. Ka tambaya cikin ladabi yaushe za ka zo karɓa da abin da za ka riƙo, ka yi godiya, ka rufe da suna da lambar waya. Ko da Turanci za ka rubuta, tsarin ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai, masu wannan sakacin su ne ke saurin neman "wanda ya san wani" su miƙa na goro, alhali haƙƙinsu ne a ba su takardar.

Mu tun a firamare aka koya mana wasiƙa: adireshi a dama, kwanan wata a ƙasansa, kan magana a ja masa layi. Dattijon da bai yi boko ba ma yakan je bakin gidan waya a rubuta masa, a karanta masa ya ji kafin a rufe ambulan. Yau ga difloma, ga waya mai tsada, amma sallama ma sai an gutsure ta.